Ranar da na raba da x a gaban mai duba aiki

Daminar da na yi koyon koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Kontagora takan dawo mini kamar mafarki. Ruwa ya ɗauke da hantsi, ƙamshin ƙasa yana shigowa ta taga, ƙarar keke napep tana tasowa daga nesa. A bencin ƙarshe wata dattijuwar malama ce zaune, wadda kwalejinmu ta turo ta duba ni. Idan ba ta sa hannu a takardata ba, sai na maimaita shekara guda.

Ni kuwa a lokacin ji nake lissafi a tafin hannuna yake. Na rubuta x² > 3x a allo, na raba kowane ɓangare da x, sai ga x > 3. Har da ja masa layi biyu, ina karkaɗe alli daga mayafina. Malamar ta lumshe ido, na ɗauka gyangyaɗi take.

Ba ta ko buɗe idon sosai ba ta ce, "'Yata, gwada mana −1."

Na gwada. Hagu ya ba ni 1, dama −3. Ɗaya ya fi −3, wato −1 amsa ce, ga shi kuma ba ta cikin tawa. Kunya ta rufe ni, na ji allon yana nisa da ni.

A hankali ta tuna mini abin da na sani na manta: idan aka raba da lambar da ke ƙasa da sifili, alamar "ya fi" juyawa take, da sifili kuma ba a rabawa sam. Ni na raba da x ban san ko wace iri ba ce. Na goge, na kwaso komai gefe guda: x² − 3x > 0, wato x(x − 3) > 0. Sakamakon ninkawa yana haye sifili ne idan duka biyun suna sama da shi, ko duka suna ƙasa. Amsa ta fito: x > 3 ko x < 0. Ashe rabin amsar na zubar.

Da aka kaɗa ƙararrawa ta riƙe takardata ba ta rubuta komai ba. Ta tambaye ni ko akwai wani ajin da na koya wa haka. Da na ce babu, ba mai ƙaryata ni. Amma na ce akwai, jiya, ajin da ke maƙwabtaka da mu.

Na roƙi malaminsu ya ba ni minti goma. Na tsaya gabansu na ce kowa ta buɗe aikin jiya ta soke shi, malamarku ce ta yi kuskure. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, kuma ta yi mini ciwo. Ina cikin rubuta x(x − 3) na hango dattijuwar a waje, ta dafa takardata a bakin taga tana sa hannu.