Takardar Ciwon Saifa da Wuƙar Baba

A zamanin shugaban ƙasa na farko, ɗan garinmu, aka ɗauke ni gwaji a sashen Hausa na gidan rediyo a Garwa. Mahaifina mahauci ne, kakana ma haka. Ranar da zan fara, Baba ya wasa wata sabuwar wuƙa ya rataye ta a zaure, ya ce tawa ce. In mutanen rediyo suka riƙe ni, to madalla. In suka sallame ni, wuƙa na nan tana jira, kuma ba za mu sake wannan magana ba. Ni kuwa, Allah ya sani, ko kaza aka yanka a gabana sai na kau da kai.

Gwajin ƙarshe ya faɗo dab da Babbar Sallah. Shef ɗinmu, wato shugaban sashenmu, wani ɗan siririn mutum mai agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a tebur, ya ce in rubuta shiri na minti biyar a kan lafiyar nama. In ya fita kafin Sallah, na zauna a aikin. Na rubuta shi kamar wasa: wani mahauci ya ga saniyarsa ta faɗi, ya yi maza ya yanka kafin ta zama mushe, sai likitan dabbobi ya zo ya yi masa faɗa tas, ya ce aƙalla a dafa naman sosai. Na karanta wa kaina, na ji daɗin kaina ƙwarai. Na buga kwafi huɗu da takardar kabon na rarraba.

Kwafin Shef ne ya fara dawowa. Bai taɓa ko kalma ɗaya ba, sai dai ya rubuta da Faransanci a sama cewa ya yi tsawo, a rage kusan rabi. Likitan dabbobi, wanda sai da sa hannunsa shirin zai fita, ya dawo da nasa ja wur. Ya ce maganar dafa nama kuskure ce babba: dabbar da ta faɗi farat ɗaya tana iya zama mai ciwon saifa, ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ko fatarta tana sa wa mutum ciwo. Sannan ya haɗo mini da shafi guda na alamomin cuta, ya ce a saka duka. Wato wannan na cewa rage, wancan na cewa ƙara.

Na uku shi ne Sarkin Pawa, aminin Baba. Shi ba ya rubutu, jikarsa ce ta karanta masa, ya aiko da saƙon baki cewa a cire maganar saniyar da ta faɗi gaba ɗaya. Wannan kuwa shi ne wurin da likita ke so a faɗaɗa. Na huɗu tsohon malaminmu na Hausa ne, wanda ya yi karatu a Kano, kuma bai yarda mun manta da hakan ba. Ya bi layi-layi yana kakkaɓe kalmomin Faransanci da Fulatanci, ya taɓa har waƙafi.

Na baje su a tabarma ina kallo kamar zan yi kuka. Baba ya leƙo, ya ji bayani, ya ce ai abin ba wuya, a fara da babba. Wai tunda Sarkin Pawa ya ce cire, a cire, sauran su bi layi bisa shekarunsu. Yana fita ya ɗan taɓa wuƙar nan da yatsa, wai yana duba ko ta yi tsatsa. Na san da ni yake.

Gaskiya na so in fara da na malam, domin shi ne mai sauƙi, goge nan, rubuta can, mutum ya ji kamar yana aiki. Har na ɗauki biro, sai na ga wautar abin. Me zai sa in gyara jimlar da Shef zai jefar gobe? Ko a gidanmu ba a yanka tsire kafin a feɗe. Sai na tambayi kaina, wanne ne in na ƙyale shi wani zai kwanta a asibiti? Na likita ne, kuma ba dukansa ba, maganar dafa nama kawai. Na soke ta nan take. Daga shafinsa na ɗauki alamomi uku da mai sauraro zai iya riƙewa a ka: faɗuwa farat ɗaya, kumburi, da baƙin jini daga hanci.

Saura rigimar likita da Sarkin Pawa. Saƙon baki ne ya zo mini, ban ji dalili ba, don haka na ari mobilet, ɗan ƙaramin babur, na bi shi har kasuwar Pitowa, inda ya je duba raguna. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi Baba da suka rabu da safe, ya sa aka ba ni ruwa. Da na kawo maganar sai ya gyara zama.

"Ɗana, ciwon saifa ban ƙi a faɗe shi ba, na ga abin da ya yi wa hannun mutum. Amma ka ɗauko mahauci ka tsayar a gaban duniya, yaro mai farar riga yana yi masa faɗa. Gobe matan gari su zo rumfar ubanka da wane ido?"

Kunya ta kama ni, amma daɗi ya fi ta yawa, domin na ga hanya. Na ce, "Ranka ya daɗe, in mahaucin ne ya ƙi yankawa, shi ya aika a kira likita fa?"

Ya shafa gemu, sannan ya ce to wannan mahaucin ɗan halak ne, a sa shi.

Da na sake rubutawa, sai faɗan likita ya fita, kuma shi ne ya ci rabin lokaci. Na karanta a gaban agogon Shef, na ga ya wuce da ɗan abu kaɗan, na datse gaisuwar farko. Likita ya nemi sauran alamominsa, na ce lokaci ba nawa ba ne, amma zan roƙa masa shiri na biyu bayan Sallah. Ya yi gunaguni, ya sake karanta alamomi ukun a hankali, ya sa hannu. Sai a ƙarshe na buɗe na malam, na tarar yawancin gyaransa ya tafi tare da wuraren da aka yanke. Na karɓi abin da ya rage, ban da gyaran "abatuwa", wato mayanka, domin haka kowa ke cewa a Garwa. Na je gidansa na gaya masa da bakina. Ya ce mun lalace, ya ba ni goro.

Shirin ya fita ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Shef bai yabe ni ba, ba ya yabon kowa, amma washegari ya nuna mini wani tebur kusa da taga ya ce kada in cika shi da tarkace. Baba kuwa a rumfar Sarkin Pawa ya saurara, kuma an ce mahauta har gardama suka yi kan wa nake nufi da mahaucin nan mai hankali, kowa na cewa shi ne.

Da na koma gida da yamma Baba ya tambaye ni ko na ci abinci. Na duba bangon zaure, ƙusa ce kawai. Na shiga ciki na tarar da Inna zaune a bakin murhu, tana yanka albasa da wuƙata, tana mita wai kaifinta ya yi yawa.