Takardar Neman Sitaj da Makullin Magaza

Shekarata ta uku a jami'a, a Damagaram, ina karatun tafiyar da kamfanoni, aka gaya mana ba mai samun lisans, wato digiri, sai ya yi sitaj, wato koyon aiki, a wata ma'aikata, ya rubuta rahoto a kai. Masu 'yan'uwa a manyan buro, wato ofisoshi, suka samu wuri nan da nan. Ni na hau mota na dawo gida Matameye, ana shirin damina.

Kawuna, ƙanen Inna, shi ya ba ni labarin wani kamfani da ke bayan kasuwa, wanda ya samu kwangilar raba taki da iri ga ƙungiyoyin manoma. Ya ce direktan wurin yakan zauna a majalisarsu, in rubuta takarda in kai.

Rubuta takardar ta ba ni wuya. Da Faransanci ake yin ta, kuma na san tsarinta: sunana da lambar wayata a sama ta hagu, gari da kwanan wata ta dama, sai wanda ake aika wa, sai layin da ke faɗin abin da ake nema. Tsakiyar ce ta tsaya mini, inda mutum zai faɗi abin da ya taɓa yi. Ban taɓa aiki ko'ina ba. Na zauna ƙarƙashin darbejiyar gidanmu ina yi ina yagewa. Daga ƙarshe na rubuta gaskiya. Na lissafa darussan da na ɗauka, har da na kula da kaya a magaza, wato ɗakin ajiya, na ce ina jin Hausar manoman yankin don cikinsu na tashi, na ce ban taɓa aiki a wata ma'aikata ba, amma a shirye nake in koyi duk abin da aka sa ni. Na kai siba, shagon kwamfuta, aka buga mini, na sa hannu, na haɗa da sebe, wato taƙaitaccen tarihin karatuna, da shaidar rajistata ta jami'a.

Na yi zaton zan ajiye wa sakatare in tafi, in jira kira. Amma wurin ba sakatare. Ɗaki ɗaya ne manne da babbar magaza mai ƙofar ƙarfe, warin taki ya cika shi har ido na yaji. Direktan da kansa ya karɓa. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya ɗaga kai sosai. Ya ce in zauna, ya karanta a gabana. Sebe ɗin ko buɗe shi bai yi ba. Da ya zo ƙarshen takardar sai ya ɗauki jan biro ya ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya. Daga inda nake ina hangen ta. Ita ce wadda na ce ban taɓa aiki ko'ina ba.

Ya tambaye ni ko ina da ɗan'uwa a gwamnati, na ce babu. Ya tambayi mahaifina, na ce ya rasu. Ya jinjina kai a hankali.

"Irinka muke nema," ya ce. "Waɗanda suka taɓa aiki suna zuwa da halayensu."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da makulli ɗaure da zaren roba, ya ajiye a kan takardata. Ya ce daga gobe magaza tana hannuna, ni zan buɗe wa kamiyo, manyan motocin kaya, ni zan sa hannu a kan abin da ya shiga da abin da ya fita.

Na yi murna, amma na tuna karatunmu. A aji an koya mana cewa ba a miƙa makullin magaza sai an ƙirga kaya gaban mai bayarwa da mai karɓa, kowa ya sa hannu. Kuma ɗan sitaj kallo da taimako ne aikinsa, ƙarƙashin wani. Na tambaya cikin ladabi wa zan bi a aikin, ya ce ba kowa, tsohon mai magazar ya tafi. Bai faɗi inda ya tafi ba. Na fito da takardar yarjejeniyar sitaj da jami'a ta ba mu, wadda ma'aikata za ta rubuta sunan mai kula da ɗalibi ta buga hatimi. Ya dube ta ba tare da ya taɓa ba, ya ce waɗannan a ƙarshe ake cika su. Na ce zan shawarci gida. Ya yi murmushi, ya mai da makullin aljihun tebur tare da takardata.

Da na gaya wa Inna, tana tankaɗe, sai ta dakata. Ta ce ta san uwar tsohon mai magazar, matar ta daina zuwa biki da suna, in an tambaye ta ɗanta sai ta ce yana Kano, ta kau da kai.

"Kada ka taɓa makullin nan," ta ce.

Kawu ya ji haushi. Ya ce na kunyata shi gaban mutanen majalisa, wai ɗan boko ne kawai ke tsoron a yarda da shi. Ya daina amsa gaisuwata da kyau.

Na koma wurin direktan na ce ba zan samu dama ba, na roƙi ya ba ni takarduna. Ya ce sun shiga dosiye, wato fayil, ba sa fita. Ya rako ni har bakin ƙofa, abin da bai yi ba da farko, ya tsaya yana kallona har na sha kwana.

Na sake buga wata takardar na kai ma'aikatar gona. A can sakatariya ta buga hatimin karɓa a kan kwafina, bayan wani lokaci aka kira ni, aka cika yarjejeniya, aka haɗa ni da wani ma'aikaci da muke zagaya ƙauyukan Kance da Dawce a kan babur. Amma hankalina bai kwanta ba. Duk ranar kasuwa sai na ga kamiyo a ƙofar magazar. Wani saurayi da na sani tun makarantar firamare ne ke buɗe ƙofar, makullin na rataye a wuyansa. Na taɓa tare shi na ce ya nemi a ƙirga kaya. Ya yi dariya, ya ce hassada nake yi.

Gero ya fara fitar da kai sa'ad da manoma suka kai ƙara, takin da aka ce an raba musu bai iso ba. Aka rufe magazar. Direktan ya ɓace. Bayan 'yan kwanaki aka aiko mini da sammaci daga jandarma.

Jandarman da ke bincike ya ajiye takardata a gabana. Ga jan layin, ga sa hannuna. A gefe an ƙara rubutu da hannu cewa an amince, na kama aikin magaza, da kwanan watan ranar da na kai ta. 

"Wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, amma ban yi aiki a wurin ba."

Na miƙa masa yarjejeniyar ma'aikatar gona. Ya kira ma'aikacin da nake bi, ya tabbatar masa kullum muna tare. Ya duba takardun fitar kaya, babu sa hannuna ko ɗaya. Ya ɗauki jawabina, ya ce in tafi, amma kada in bar gari ban sanar ba.

Da na fito, saurayin nan mai makulli yana zaune a kan benci a baranda, ba takalmi a ƙafarsa. Mahaifiyarsa na tsaye bakin ƙofa da kwanon abinci, tana jira a ba ta izini. Ya ɗago ya dube ni, na yi masa sannu, ya sunkuyar da kai. Kawu yana waje a kan babur, ban san wa ya gaya masa ba. Ya matsa gaba na hau.