Malam Jabir da Hanyar Cosh

Duk wanda ya yi karatun injiniya a wata kwalejin fasaha da ke Jos cikin shekaru talatin da suka wuce ya san Malam Jabir, ko da kuwa bai riƙe komai daga lissafin da ya koya masa ba. Dogo ne siriri, kullum da rigar sanyi ruwan toka a kan kaftani, ko da rana ta take. Ɗalibai sun laƙaba masa suna Baba Cosh. Ya san da sunan, bai taɓa nuna ya ji ba, amma a can cikin ransa daɗinsa yake ji.

Kakansa ne ya zo Jos haƙar kuza, ya gina gida a Rikkos, kuma a gidan Malam Jabir yake har yau. Tun da matarsa Maimunatu ta rasu gidan ya yi masa faɗi. 'Ya'yansa biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Fatakwal, sai dai gaisuwar waya ranar Juma'a. Maƙwabta na girmama shi ƙwarai, har ya zama ba mai zama hira da shi. In ya isa majalisar ƙofar masallaci sai a gyara zama, a bar zancen ƙwallo, shi ma sai ya ga ya takura wa mutane ya tashi.

Abin da ya jawo masa sunan wani ɗan yanki ne na lissafi. A aji biyu ake koya wa ɗalibai intagireshan, wato hanyar gano girman filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi. Akwai inda kowa ke cin tuntuɓe, idan aka haɗu da abu irin √(x² − 1). Wannan alamar da ta rufe x² − 1 kamar rumfa ita ce matsalar, dole a nemi dabarar ɗage ta. Hanyar da kowa ya gada ita ce a ce x = sec θ. Rumfar za ta ɗage, a samu tan θ, amma a gaba sai ka yi karo da sec³θ, wanda sai an sassara shi kashi-kashi, a zagaya a dawo inda aka taso, kafin ya ba da kai. Ɗalibai ba sa wahalar da kansu wajen fahimtarsa. Haddace shi suke yi daga tsofaffin takardun jarrabawa, su juye, su fito su manta.

Shi kuwa Malam Jabir cewa yake a sa x = cosh u. Tunda cosh²u − sinh²u = 1, in x bai gaza ɗaya ba, abin da ke ƙarƙashin rumfar ya zama sinh²u, rumfar ta ɗage, saura sinh u kawai. Sannan dx = sinh u du. Aiki ya koma kan sinh²u, wanda shi ne rabin (cosh 2u − 1), abin da ɗan aji ɗaya ma zai iya. Layi huɗu an gama. Yakan juyo daga allo fuskarsa na haske, ya tarar da mutum ɗari suna kallonsa kamar mai tallan maganin gargajiya a tasha. Wani daga baya zai ɗaga hannu.

“Sa, zai fito a jarrabawa?”

“Tambayar za ta fito. Hanya kuwa, kowa ya bi wadda ya ga dama.”

Daga nan sai ka ji ana rufe littattafai. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Abokan aikinsa ba su taɓa cewa hanyarsa kuskure ce ba, ai da ma sun faɗa, da ya samu abokin gardama. Sukan ce, “Gaskiya tana da kyau, Oga,” su ci gaba da cin gyaɗarsu. Wannan ya fi masa ciwo. Burinsa bai taka kara ya karya ba: kafin ya ajiye alli, ya ga mutum ɗaya ya ɗauki hanyar nan ya yi aiki da ita don kansa.

Shekararsa ta ƙarshe ta zo a gurguje. Yajin aiki ya cinye rabin zangon, aka matse darussa. Cosh bai samu wuri ba sai a ƙarshen laccar ƙarshe, ana ruwan sama irin na Agusta, kwanon ɗakin na ƙara har mutum ba ya jin na kusa da shi. Ɗalibai suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya juyo, sauran 'yan tsiraru ne masu jiran ruwa ya tsagaita, sai wata yarinya a benci na biyu da ke rubutu da gaske.

Sunanta Firisila, 'yar sashen gine-gine. Mahaifiyarta na sayar da dankalin turawa a Tina Junction, ita ke tsare mata rumfa da yamma, shi ya sa ba ta da lokacin zaman hadda. Ba ta cikin masu ƙoƙarin ajin, kullum a bakin gaɓa take. Da aka tashi ta tsaya a gaban allon.

“Sa, wannan shi ne duka? Babu wani abu a baya?”

“Shi ke nan duka.”

“To me ya sa muke shan wahala da wancan?”

Shekara talatin yana jiran wannan tambayar. Da tambayar ta zo, sai ya ce mata kawai ta gwada a gida. A keke Napep ɗin da ya kai shi Rikkos ranar, har hira ya ja direban da ita.

Jarrabawa ta zo, tambaya ta huɗu ta ce a nemo intagireshan ɗin √(x² − 1) daga ɗaya zuwa biyu. Ya kwaso takardun ya kai gida, ya baje su a tabarma bayan la'asar. Sec, sec, sec. Wasu sun haddace daidai, wasu haddar ta tsinke musu a tsakiya. Can ƙasan tulin ya buɗe wata takarda ya ga an rubuta x = cosh u. Lamba ce kawai a bangon, babu suna, amma bai buƙaci suna ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

A layi na biyu ta rubuta dx = −sinh u du.

Ya daɗe yana kallon ɗan guntun layin nan. Ya san daga inda ya fito. Tun sakandare ake dasa wa yaro cewa in aka yi wa cos difarenshiyeshan, wato kishiyar intagireshan, −sin ake samu, hannu ya saba har ba ya shawara da kai. Amma cosh ba haka yake ba, sinh yake bayarwa, babu alamar ɗebewa. Duk sauran aikinta tsaf yake, sai dai alamar ta bi ta har ƙasa. Inda ya kamata ta samu 1.07, ta samu −1.07, ta ja masa layi biyu. Ga layin da ke saman sifili, ga fili ya fito da ɗebewa, ba ta tsaya ta yi mamaki ba. Kowace shekara yakan ja kunnen aji a kan wannan alamar. Bana ya faɗa? Yana jin ya faɗa, amma bayansa na ga ajin, ruwa kuma na dukan kwano.

Ya ba ta duk makin da hanya ta cancanta, ya cire na dx da na amsa. Ya haɗa da sauran tambayoyin da makin gwajinta, ya sake haɗawa. Talatin da takwas. Arba'in ake ci.

Washegari ya nuna wa Pwajok, matashin malamin da zai gaji kwas ɗin, wanda kuma shi ke bin bayan makin.

“Oga, maki biyu ne fa,” in ji Pwajok. “Ka duba tambaya ta ɗaya ko ta uku, ba za a rasa inda za a tsakuro ba. Ni ba zan ce komai ba.”

“Na duba. Babu.”

“To ka rufe ido.”

“Akwai mutum shida a talatin da takwas da talatin da tara. Su ba su bi hanyata ba. In na ɗaga ta don ta faranta mini, su fa?”

Pwajok ya ɗaga kafaɗa ya sa hannu. Shi ba mugu ba ne, yunwa yake ji, kuma yana da tulin nasa takardun.

Sakamako ya fito a makon da Malam Jabir ke kwashe kayansa daga ofis. An riga an yi masa walima, an ba shi agogon bango da lemo. Yana ɗaure littattafai da igiya aka ƙwanƙwasa. Firisila ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zo roƙo ba, ta gaishe shi ta ce tana so ta san inda ta faɗi. Ya rubuta mata layin a ƙaramin allon ofis, ya zagaye alamar.

“Wannan kaɗai?”

“A tambaya ta huɗu, wannan kaɗai. Hanyarki daidai ce. Ke kaɗai ce a ajin kika...”

“Sa, ƙawata Yael ba ta gane komai a wannan tambaya ba. Ta haddace ne. Ta samu duka makin.”

Gaskiya ta faɗa.

“Yanzu sai na sake kwas ɗin baɗi. Mama ta ce ba damuwa, amma na ga fuskarta.” Ta gyara jakarta. “Wa zai koyar?”

“Malam Pwajok.”

“Shi wane hanya yake so?”

“Kowace kika bi zai karɓa, in amsar ta fito.”

“Amma wane yake koyarwa?”

“Sec.”

Ta dubi ƙasa ta ce, “Sa, don Allah kar ka ji haushi. Kai ne kake bayani ina ganewa. Ka koya mini na sec ɗin kafin ka tafi.”

Baƙin ciki ya kama shi, har ya ji kunyar kansa, dattijo da shi. Ya so ya ce mata alama ɗaya ce tak, ba za ta sake yin kuskuren ba har abada. Ya dubi takalminta da taɓon hanya ya ɓata, ya fasa.

Ya ɗauki tsumma ya goge allon tas. Ya rubuta x = sec θ. Ya bi da ita a hankali, yadda bai taɓa yi wa wani aji ba: inda tan θ ke fitowa, inda sec³θ ke tare hanya, yadda ake raba shi gida biyu, yadda yake zagayowa ya dawo da kansa sai a tattara shi gefe ɗaya a raba da biyu. Bai rage komai ba, bai kuma yi wa hanyar ba'a ko sau ɗaya ba. Allon ya cika har ƙasa. Ta kwafe duka, ta bi da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ta gyaɗa kai.

“Wannan zan iya haddace shi.”

“Za ki iya,” in ji Malam Jabir.