Katin da Ba Shi da Hawa

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin hujja, a jami'a, ni kuwa na yi ashirin daga cikinsu ina buga masa takardu a ofishin sashensu. Ɗalibai suna kiransa Malam Bene. Ba don yana da bene ba, gidansa ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida, kwanon ma yana yoyo. Sunan ya samo asali ne daga darasi guda da yake yi duk shekara, wanda na buga shi har na haddace ba da son raina ba.

Yakan shiga aji da alli kala uku a aljihun riga. Sai ya rubuta a allo: "Wannan jimlar ƙarya ce." Ya juyo ya ce a gaya masa, gaskiya ce ko ƙarya? In ka ce gaskiya ce, to abin da ta faɗa haka yake, ita kuwa cewa ta yi ita ƙarya ce. In ka ce ƙarya ce, to ai abin da ta faɗa ke nan, ta zama gaskiya. Yakan bar su su yi ta cacar baki har su gaji, yana zaune yana kaɗa ƙafa, don ba abin da yake jin daɗinsa kamar ya ga mai kaifin baki ya rasa ta cewa.

Bayan sun yi laushi sai ya zana musu bene. Hawan farko, farin alli, maganar abubuwa kawai ake yi a cikinsa: ruwa ya tafasa, ƙofa a rufe take. Babu kalmar gaskiya ko ƙarya a wannan hawan. In kana son ka ce jimlar hawan farko gaskiya ce, sai ka hau na biyu ka ɗauki rawayan alli. In kuma rawayar jimla za ka yi wa hukunci, sai na uku, jan alli. Kowane hawa ƙasa yake leƙawa, ba ya yi wa kansa hukunci. Da wannan dokar, jimlar nan mai ƙaryata kanta ba ta da inda za a rubuta ta, tunda ko wane alli ka ɗauka, tana buƙatar wanda ke sama da shi. Duk shekara sai wani ya tambaya ina hawan ƙarshe, shi kuma ya ce babu, kuɗin zaman lafiyar ke nan. Yakan kuma faɗa musu cewa maganar mutane ta yau da kullum ba ta bin wannan doka, shi ya sa yake tausayinta.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, ba zan ɓoye ba don yayana ne. In ka ce masa kowa ya san abu kaza, sai ya tambaye ka ko ka ƙirga su. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ke iya masa. Takan ce, "Malam, sauko ƙasa ka ci abinci," ya kuwa sauko.

Shekara biyu bayan rasuwarta, yana ritaya, mantuwa ta fara. Da farko makulli ne da tabarau. Daga baya ya bar tukunya a wuta har ta ƙone ƙurmus. Ɗansa, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya zo ya kai shi asibiti, likita ta faɗi abin da duk muka riga muka sani. Ɗan ya ce a rufe gidan, Baba ya koma wurina. Yaya ya ce ko gawarsa sai an yi da gaske kafin a fitar da ita daga gidan nan. Aka yi ta ja, daga ƙarshe likitar ta raba gardama: zai iya zama shi kaɗai muddin yana shan maganin ciwon sugansa daidai, ni kuma ina leƙa shi kullum. Ranar da ya yi kuskuren magani, magana ta ƙare.

Washegari ya aike ni in sayo masa katuna kala uku da kwalin fil. Ya share bangon da ke kusa da firji. Fararen katuna na abubuwa ne: makullin gas yana hagu, ƙwayar safe ɗaya ce, ranar Talata ake kwashe shara. Ya san wata rana kansa zai ba shi abin da ba haka ba, ya rubuta a fari. Saboda haka duk sa'ad da ya ji kansa garau, sai ya bi fararen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki rawaya ya rubuta: fari mai lamba bakwai gaskiya ne, mai lamba tara ba gaskiya ba ne. Jajayen kuwa na duba rawaya ne.

Na ce, "Yaya, ba sai ka yage na ƙaryar ka huta ba?"

Ya ce, "In na yage, gobe zan sake rubuta shi, ban san na taɓa kama shi ba."

Wannan karon da gaskiyarsa. Kuma abin ya yi aiki, wata bakwai cur. Har alfahari nake da shi. Nakan same shi tsaye gaban bangon da kofin shayi, yana bin katunan da yatsa kamar mai duba takardun jarrabawa.

Sai ciwon ya hau bene shi ma. Wata Laraba na zo da azahar, na tarar yana barci a kujera. Na tsaya gaban bangon ina karanta katunan. A makon da ya wuce likita ta canza masa magani, ɗan ne ya kai shi, ban je ba. Yanzu ga fari yana cewa ƙwaya ɗaya da safe, ga wani yana cewa biyu sau uku a rana. Rawaya ɗaya ya gaskata na farko, wani rawayan ya gaskata na biyu. Na duba jajaye, su ma sun rabu biyu, duk da rubutunsa mai kyau. Takardar jikin kwalbar maganin ya ɓare ta, wai ba ya buƙata. Na kira ɗan, wayarsa a kashe. Ni kuma ƴata tana ɗakin haihuwa, mijinta sai kirana yake.

Da na ɗauke kwalbar na jefa a jaka, da shi ke nan. Amma na ji tsoron ya rasa na yamma, na kuma ji tsoron tashinsa, don in ya tashi sai mun yi awa guda muna muhawara. Na zari katin da ke saman tarin waɗanda ba a rubuta ba, fari ne, na rubuta da manyan baƙaƙe: "Duk katin da ke bangon nan ba gaskiya ba ne. Kira ni kafin ka sha magani." Na soka shi a tsakiya, na fita da sauri. Shekara ashirin ina buga darasin nan, amma ko a jikina ban ji ba.

Da safe na same shi kwance a ƙasan kicin, gumi ya jiƙe rigarsa, idonsa a buɗe amma bai san ni ba. Maƙwabcinsa ne ya taimaka muka sa shi a mota. A asibiti suka ce maganin ya yi masa yawa, sugansa ya faɗi ƙasa warwas, saura ƙiris. Da na koma ɗauko masa kaya na duba bangon, katina ba ya nan. A kwandon shara na tsince shi, bai ko yage shi ba. Ya ja layi a ƙarƙashin jimlar farko da jan biro, ya rubuta a gefe yadda yake yi wa ɗalibai: "Ba ta da hawa."

Na zauna a ƙasan kicin ɗin na yi kuka, kukan haushi ne rabinsa. Na ji haushinsa, na ji haushin allin nan uku, na fi jin haushin kaina.

Kwana na uku kansa ya washe. Na nuna masa katin. Ya karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ke kika rubuta?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "Fari ba ya maganar gaskiya. Ko a ja kika rubuta, kin ce duk katin da ke bango, shi ma a bangon yake. Ya haɗa da kansa."

"Yaya, ka kusa mutuwa."

"Kuma ko an bar shi ya shiga, ba rikitacciyar jimla ba ce, ƙarya ce kawai, tunda katin makullin gas gaskiya ne." Ya juya shi baya, ya sake juyo shi. "Ta biyun lafiyarta ƙalau. Umarni ne. Da kin ba ta katinta ita kaɗai, da na kira ki."

Na ce, "To ka ga sunana, ka ga rubutuna, ba sai ka kira ba?"

Can ya ce, a hankali, "Ban tuna na cire shi ba. Amma na san zan cire." Ya miƙo mini katin. Ya ce ko ya sayo kala goma, hannu ɗaya ne ke rubuta su duka, kuma kai ɗaya ne. Ya ce wanda zai faɗi ko maganarsa gaskiya ce dole ya tsaya a wajensa. Ban taɓa jin ya sallama a gardama ba sai ranar, kuma ban ji daɗin nasarar ba ko kaɗan.

Daga asibiti gidana aka wuce da shi. Ɗan ya kwashe littattafan, ya sa ƴan haya a gidan kafin wata ya ƙare. Na ba Yaya ɗakin da ke kallon titi. Ya daina rubutu gaba ɗaya. Yanzu in ya faɗi magana sai ya juyo ya dube ni. "Na ce na sha magani. Gaskiya ne?" In ce gaskiya ne, ko in ce a'a. Ba ya musu, mutumin da ya yi rayuwarsa yana musu.

Wata safiya ya ce, "Na ce jibi zan koma gidana. Gaskiya ne?"

Na gaya masa yadda ake ciki, ban rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce na gode. Ya juya fuskarsa bango, kwana biyu bai ci komai ba, sai da muka koma asibiti aka sa masa ruwa. Da muka dawo ya manta duk an yi.

Yau da safe na kai masa shayi, na same shi ya ninke rigunansa ya jera a bakin gado, ya sa takalmi. Ya karɓi kofin, ya dube ni da natsuwar nan tasa, ya ce, "Na ce jibi zan koma gidana. Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya fara shan shayinsa.