Canjin Ranar Biya

Mai Walda ya tsufa yana ƙera gadajen ƙarfe a rumfa ɗaya, ƙarƙashin kwanon da ke yoyo. Mutum ne mai kunya, in ya faɗi farashi an gama, ko da asara zai yi. A zamanin da kuɗi ke zama inda aka ajiye su, wannan hali ya jawo masa arziki. Babbar mai cinikinsa wata makarantar kwana ce: ya kai gadaje, ya miƙa takardar neman biya, bayan wata uku a biya shi.

Sai kaya suka haukace. Ranar da aka biya shi aikin bara, kuɗin bai sayi rabin ƙarfen da ya kashe ba. Dole ya sayar da injin walda ɗaya, saura ɗaya tal, kuma shi ke ciyar da gidan.

Da sabon aiki ya zo, ƙanwarsa, wadda take aikin akanta a wani kantin taya, ta zaunar da shi.

"Yaya, kai fa rance kake ba su ba ka sani ba. Mai ƙarfe zai ba ka bashin kaya, amma da dala yake lissafi, a canjin ranar da ka biya shi. To kai ma haka za ka yi."

Ta rubuta masa sharuɗɗa uku. Biya cikin sati biyu. In kuɗin ƙarfe ya tashi kafin a kai kaya, kason ƙarfe na farashin gado ya tashi daidai da shi. Jimlar kuma a rubuta ta da dala, a biya da kuɗin gida a canjin ranar biya.

"Ko sun ƙi sauran, kada ka saki na ƙarshen nan. Ka ji ni ko?"

"Na ji, Hajiya lauya."

Ya dai ji. Amma da ya shiga ofishin ma'ajin makarantar, ya miƙa takardar, sai labari ya canza. Ma'ajin nan tsohon abokinsa ne, shi ya fara ba shi aiki tun yana hayar injin wani. Fanka na ta ƙara, ma'aji na karatu, Mai Walda na murza hula a gwiwa.

"Haba mutumina! Yau ni kake kawo wa dala?"

"Wallahi ba son raina ba ne."

"Na ƙarfe na yarda, gaskiya ce. Sati biyu kam ba zai yiwu ba. Sai iyaye sun biya kuɗin zango, su ma kuka suke." Ya ɗauki biro. "Dalar ma na yarda, don kai ne. Amma hukumar makaranta ba ta sa hannu a kan kuɗin da ba ta san adadinsa ba. Mu sa canjin ranar da ka rubuta takarda. Yau ko gobe, duk ba dala ba ce?"

Mai Walda ya san ba ɗaya ba ne. Ya san sarai! In an tsayar da canji ranar rubutu, adadin ya daskare ke nan, wata uku yana narkewa a aljihun wani, bashin ƙarfe kuwa yana bin dala sama. Ya buɗe baki. Sai ya ga furfurar mutumin, ya ga ya riga ya sakar masa abu biyu, ya ji in ya ƙara ja ya zama butulu.

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Allah ya sa albarka."

Ƙanwarsa da ta ga gyaran ba ta yi faɗa ba, ajiye takardar kawai ta yi ta kama haɓa. Wannan ya fi masa zagi ciwo.

Ya yi aikin tsaf, ya kai. Daga nan kullum da safe sai ya tsaya wajen masu canji ya tambaya, ya ji dala ta ƙara hawa, ya wuce. Abinci ya daina shiga. Matarsa ta daina tambayar lafiya, don ta san amsar.

Makaranta ba ta ci masa ko sisi ba. Ranar da wata uku suka cika aka biya shi cif, har da godiya. Ya kwashi kuɗin bai ko biya gida ba, ya zube wa mai ƙarfe. Mai ƙarfe ya danna waya ya duba canjin ranar, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Baba, da saura fa. Kuma da yawa."

Wani mai ƙera ƙofofi a ƙarshen layin ne ya sayi injin da ya rage aka cike bashin, ya kuma ce masa ya zo ya riƙa kama masa aiki, tunda ba wanda ya san halin injin kamarsa. A can yake yanzu. Kullum la'asar, in an tashi, ana ƙirga masa kuɗin yininsa a hannu.