Kalma Ɗaya Daga Tungar Yalwa

Shekara tara na yi ina aiki da Malam Lirwanu a wani ƙaramin asibiti da ke Bukkuyum, ni a ɗakin gwajin jini, shi a ɗakin ajiyar magani, bango ɗaya ne tsakaninmu. Har yau in na tuna yadda aka raba shi da ɗakin nan sai raina ya ɓaci.

Mutumin Gummi ne, siriri, ba ya son dogon zance. Yana saurayi Innarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, harshenta ya yi nauyi, ba ta iya haɗa kalma biyu. In ta ce "ƙofa", 'yan'uwansa sai su ruga su rufe ƙofa, ita kuma ta yi ta hawaye. Lirwanu ne ya lura cewa in da hantsi ne, so take a fitar da ita ta sha rana, in kuwa da la'asar ne, so take a leƙa ko mai gidan ya dawo daga kasuwa. Shekara huɗu ya yi yana jinyarta a haka. Bayan rasuwarta ya yi aikin ɗaukar kaya wurin masu jinyar yaran da gubar dalma ta kama a Bagega, a can ya koyi sunayen magunguna, daga nan aka ɗauke shi aikin sito.

Ma'aikatan lafiya na ƙauyuka goma sha ɗaya ne ke karɓar kaya a hannunsa. Galibinsu ba su da sabis a gari. Sai mutum ya yi tattaki zuwa kan tudu ya ɗaga waya sama, kira ba ya shiga, rubutaccen saƙo ne ke samun hanya ya sulale. Tsayawa kan tudu a fili kuma, a shekarun nan, ba abin da mai hankali ke daɗewa yana yi ba ne. Shi ya sa saƙonnin ke zuwa a dunƙule: "safa", "zazzaɓi yara", "gobe".

Na sha ganin yadda yake warware su. Abu na farko, ya duba wa ya aiko. "Safa" daga ungozoma safar hannu ce ta karɓar haihuwa, masu yawa kuma. Sannan ya duba lokaci. "Zazzaɓi yara" a watan Agusta kusan kullum maganin zazzaɓin cizon sauro ake nema da abin gwaji. Sai ya koma baya ya karanta abin da mutumin ya rubuto a makonnin da suka wuce, don kowa da irin kalmominsa. Daga ƙarshe ya tambayi kansa: in na yi kuskure, wane kuskure ne ya fi muni?

Ba kullum yake dacewa ba. Wata rana aka rubuto masa "allura", ya aika kwalin sirinji, ashe rigakafin yara ake jira, mata sun taru tun safe aka sallame su. Abin ya dame shi. Tun daga ranar, in kalma ta rabu gida biyu, yakan mayar da tambayar da za a iya amsawa da kalma ɗaya: "Sirinji ko rigakafi?" Bai taɓa rubuta wa kowa "ban gane ba". Ya ce wanda ke tsaye kan tudu ba shi da lokacin fara bayani daga farko, sai dai ka miƙa masa abu biyu ya nuna ɗaya. Akwai kuma inda ba ya cinka ko kaɗan. In saƙo ya shafi yawan maganin da za a ba yaro, sai ya ji shekaru da nauyi.

Aka kawo mana sabon shugaba, Malam Haris. Mako biyu da zuwansa ya liƙa takarda a ƙofar sito: ba a fitar da kaya sai da cikakkiyar buƙata a rubuce, da sunan kaya, da adadi, da dalili, da sa hannunsa. Ba na cewa dokar banza ce, an sha sace magani a wurare da dama. Amma mutumin nan bai taɓa taka ƙauye ko ɗaya cikin goma sha ɗayan ba, bai kuma tambayi kowa yadda saƙo ke isowa ba.

Wata Talata cikin Agusta, wajen ƙarfe goma na safe, wayar Lirwanu ta yi ƙara. Hure ce, ma'aikaciyar lafiya ta Tungar Yalwa, wani ƙauye can bayan Nasarawa Burkullu. Kalma ɗaya ta rubuto: "ruwa". Bayan minti biyu wani ya sake shigowa: "ruwa ruwa".

Nan take ya mayar mata: "Na leda ko na sama?" Wato ruwan da ake ɗaura wa maras lafiya ta jijiya, ko ruwan sama. Saƙon bai tafi ba. Ya kira, wayar ba ta shiga. Ta riga ta sauka daga tudun.

Ya ɗauki wayar ya nufi ofishin Malam Haris, ya ce in biyo shi. Malam Haris ya karanta ya yi dariya.

"Ruwa? Damina muke ciki, Malam Lirwanu. An yi ruwa, hanya ta yanke, tana faɗa mana ba za ta zo taron Alhamis ba. Shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, ba haka ba ne," in ji Lirwanu. "In hanya ta yanke, 'hanya' take rubutawa. Ga shi nan, bara sau uku ta rubuto."

"To famfonsu ya lalace."

"Da famfo ne, ba ni za ta nema ba, mi ya haɗa mai sito da famfo? Kuma dubi na ranar Asabar." Ya matsa masa saƙon baya. "Ta ce 'gishiri'. Na aika mata ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa, da sa hannunka. Kwana uku ke nan. Wadda ta nemi gishiri ranar Asabar, yau ta ce ruwa, to ruwan leda take nema. Masu gudawar sun kai inda ba su iya sha da baki, ko suna sha suna amayarwa. Kuma Hure ba ta maimaita magana. Shekara shida ban taɓa ganin ta rubuta kalma sau biyu ba."

"Duk wannan zato ne."

"Zato ne, ranka ya daɗe. Ban rantse ba. Amma in na aika ruwan ashe na sama take nufi, Bello mai mashin ya sha wahalar hanya, a dawo muna da kayanmu. In ban aika ba ashe na leda ne, mutane za a rufe."

Malam Haris ya tura masa wayar. "Ka rubuta mata ta aiko cikakken bayani. Suna, adadi, dalili. In ya zo zan sa hannu."

Na kasa yin shiru. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ta sake hawa tudun nan sai gobe, in ma ta samu wanda za ta bar wa marasa lafiya."

Ya ce da ni aikina jini ne, in koma ga jinina. Ya ɗauki makullin motarsa ya tafi taro Gummi.

Lirwanu ya koma sito ya zauna kan kwali, bai fi minti biyar ba. Sai na ji yana kiran Bello, dattijon ɗan kabu-kabun da ke kai mana kaya ƙauye. Abin da ya haɗa shi ne ya ƙara nuna mini irin tunaninsa. Bai tsaya ga ledojin ruwa ba. Ya sa igiyoyin ƙarin ruwa, da alluran jijiya manya da ƙanana, tunda bai san ko manya ne ko yara ba. Ya sa filasta, da safar hannu, da ƙarin gishiri da sukari, da garin kulorin na wanke wuri da tsaftace ruwan sha. Ya ce wadda ta ce ruwa ba za ta sha shi da kofi ba, dole sai da abin ɗaurawa. Ya ɗauki takarda ya rubuta duk abin da ya fitar da dalilinsa, ya kwafe saƙonnin Hure, ya sa hannu, ya tura ta ƙarƙashin ƙofar Malam Haris. Ya kuma kira jami'in da ke sa ido kan ɓarkewar cututtuka ya gaya masa abin da yake zargi.

Bello ya dawo washegari da azahar, taɓo har gwiwa. Ya ce ya tarar da Hure a makarantar firamare, ta shimfiɗa mutum goma sha huɗu kan tabarmi, amai da gudawa. A cikinsu wata tsohuwa da wata ɗiya 'yar shekara uku sun rasu tun kafin ya isa. Ya ce da ta buɗe kwalin ta ga har da ƙananan allurai, sai ta durƙusa a wurin. Daga baya sauran duk sun tashi. Ranar Alhamis tawagar jami'an lafiya ta isa garin.

A daidai wannan Alhamis ɗin aka miƙa wa Lirwanu takardar tuhuma. Laifinsa, fitar da kayan hukuma bisa saƙon da ba shi da ma'ana. Haka aka rubuta, saƙon da ba shi da ma'ana! Mutum goma sha biyu na can suna shan kunu saboda ma'anar da ke cikinsa.

An zauna a kansa bayan mako uku. Hure ta hau mashin ta zo da kanta, ba wanda ya gayyace ta. Ta ce wa 'yan kwamitin, "Ina da mutum na mutuwa a hannu, na ruga kan tudu da sauran caji kaɗan. Mi kuke so in rubuta, wasiƙa? Na san wanga mutum zai gane, shi ya sa na aika mai." Suka gode mata, suka ce ta jira a waje. Wani daga cikinsu ya tambayi Lirwanu ko ya tabbata da abin da Hure ke nufi lokacin da ya buɗe sito. Ya ce a'a, bai tabbata ba, ya dai rinjayar. Wannan amsar ta gaskiya ita suka riƙe. Suka rubuta cewa shi da bakinsa ya amsa cewa cinka ya yi.

Ba su kore shi ba. Sun mayar da shi wani asibiti a Anka, ɗakin kati, inda yake jera fayil daga safe zuwa la'asar. A rahoton ƙarshen wata kuwa an yaba wa asibitinmu saboda saurin kai ɗauki Tungar Yalwa, da sunan Malam Haris a ƙasa.

Na je Anka gaishe shi bayan sallar layya. Na same shi tsakanin kantoci, ƙura a hular kansa. Ni ce nake ta faɗa, shi yana ba ni haƙuri, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan. Abin da kawai ya ce yana cinsa shi ne ranar Asabar ɗin. Da "gishiri" ya shigo, ya kamata ya tambaya ko mutum nawa ne, da ruwan ya tafi tare da gishirin, wataƙila da yarinyar nan tana raye.

Da na dawo Bukkuyum na rubuta takardar koke shafi uku, na sa sunana, Bello ya dangwala yatsa, ma'aikatan ƙauye bakwai suka sa hannu. Ni da kaina na kai ta sakatariya, aka buga mata hatimin karɓa. Wata goma sha ɗaya ke nan ba amsa.