Ranar da na ce wa Khali bayaninsa daidai ne

Ƙanen mahaifiyata, wanda muke ce wa Khali, ya fi shekara ashirin yana cike wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da ofisoshin gwamnati. Hannunsa da kyau, Larabcinsa kuma ya fi na duk gidanmu. Da harkar takardu ta koma cikin waya sai shagon ya mutu a tsaye. Ya haura hamsin a lokacin, da mata da 'ya'ya huɗu a unguwar Mahjar.

Ni ina aiki ne a wani ƙaramin kamfani da ke gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet, mu biyar ne har da mudir, wato shugaban kamfanin. Tsohuwar kwamfutata na ba Khali. Kusan shekara guda ya yi yana koyo, gilashinsa a kan hanci, yana rubuta komai a littafi kamar ɗan makaranta. Da na ga ya fara iya haɗa shafi da kansa, na roƙi mudir ya gwada shi na wata uku. Mudir Bahaushen Sudan ne mai kawaici. Ya ce ya yarda, amma duk abin da Khali ya rubuta sai na duba kafin ya fita.

A watansa na biyu wani ɗakin gwajin jini a unguwar Kurayyat ya ba mu aiki. Suna son mutum ya ga sakamakonsa a waya ba sai ya zo ya bi layi ba. Ni na gina wajen shiga: ka sa lambar wayarka, a aiko maka da saƙo mai ɗauke da lambar sirri, ka rubuta, ka shiga. Shafin da zai nuna sakamakon kuwa na yi niyyar ba Khali, don a ganina mai sauƙi ne.

Akwai kalmomi biyu da duk mai wannan sana'a zai sani, da Turanci ake faɗarsu ko'ina, authentication da authorization. Ta farko tantancewa ce: a tabbatar kai ne wanda ka ce kai ne. Ta biyu izini ce: yanzu da aka san ka, me aka yarda ka gani, me aka yarda ka taɓa. Tantancewa takan zo da farko, amma ba ta ba mutum komai sai suna. Izini kuwa ana duba shi ne a kan kowane abu da mutum ya nema, duk lokacin da ya nema.

Wata Juma'a bayan masallaci muna cin shinkafa a gidanmu a unguwar Ruwais, na tambaye shi bambancin. Ban zaɓi wuri mai kyau ba. Mahaifiyata na zaune, matarsa na zaune, har da babbar 'yarsa. Ya ajiye cokali, ya gyara zama.

“Tantancewa ita ce mai gadi ya karɓi katinka ya dubi fuskarka,” in ji shi. “Izini kuwa shi ne ya ce maka tafaddal, shiga. Idan ta farko ta yi kyau, ta biyu ta samu. Halas, shi ke nan.”

Na ji kuskuren tun bai rufe baki ba. Rabin farko daidai ne. Rabi na biyu shi ne ramin, domin a fahimtarsa duk wanda ya wuce ƙofa ya samu izinin komai na cikin gidan. Na ɗaga kai zan yi magana sai na ga fuskar mahaifiyata. Kallon ƙanenta take yi tana murmushi, shekara biyu rabon da ta gan shi yana bayani da ƙarfin murya. A gidanmu kuma 'ya ba ta gyara wa kawunta magana a gaban iyalinsa.

“Haka ne, Khali,” na ce. “Daidai.”

Na yi wa kaina alkawarin zan gyara masa ranar Lahadi a ofis, mu biyu. Ranar Lahadi shafin wani mai sayar da kayan gini ya tsaya, muka wuni a kansa. Maganar ta bi ruwa.

Khali ya gama aikinsa cikin kwana tara. Na zauna na gwada: na shiga a matsayin mara lafiya na gwaji, na ga sakamako uku, duk nasa. Na shiga da wani, shi ma nasa kaɗai ya gani a jeri. Na fita na nemi buɗe sakamako ba tare da shiga ba, shafin ya kore ni. Na leƙa umarnin da ya rubuta wa shafin sama-sama, na ga layin da ke tambaya ko mutum ya shiga, hankalina ya kwanta. Layin da zai tambaya ko wannan sakamakon na mai nemansa ne, babu shi, ban kuma neme shi ba. Na sa hannu aka saki shafin.

Kowane sakamako yana da lambarsa a ƙarshen adireshin shafin, kuma lambobin a jere suke. Duk wanda ya shiga da wayarsa, in ya goge lambar ƙarshe ya sa ta gaba, takardar wani ce za ta buɗe masa, da suna da komai.

Sati biyar babu wanda ya ce mana uffan. Sai wata safiya mai ɗakin gwajin ya zo ofis da kansa, ko sallama bai yi ba, ya ajiye wa mudir waya a kan tebur. Hoton wani sakamako ne da ke yawo a tsakanin matan unguwa. Na dubi sunan da ke kai.

Na san matar. Mijinta ya rasu, tana riƙe da kanta da sayar da masa da miyar taushe daga gidanta a Kurayyat, duk mai biki ko suna a cikin mutanenmu Hausawan garin nan wurinta yake aikawa. Takardar ta nuna tana da ciwon hanta, irin wanda ake ɗauka ta jini. Ba a ɗaukarsa ta abinci, likitan wurin ya nanata mana haka, amma wa zai bi gida gida yana faɗa?

Na buɗe bayanan da na'urar ke ajiyewa na duk abin da aka nema. Wani mutum ne ya shiga da wayarsa daidai yadda ya kamata, ya duba nasa, sannan ya fara canza lamba. Ya fi rabin awa yana buɗe takardun mutane ɗaya bayan ɗaya. Bai fasa komai ba, bai saci lambar sirrin kowa ba. Na'urar ta san ko shi wane ne sarai, kuma duk abin da ya tambaya ta miƙa masa.

Muka rufe shafin nan take. Gyaran layi uku ne: a ɗauko sakamakon, a kwatanta mai shi da wanda ya shiga, in ba ɗaya ba ne a hana. Ko minti goma bai ci ba.

Bayan azahar mudir ya kira mu ni da Khali, ya rufe ƙofa.

“Ya ammi,” ya ce da shi a hankali, kamar mai kiran baffansa, “faɗa mini yadda ka fahimci tantancewa da izini.”

Khali ya maimaita bayanin mai gadin nan kalma da kalma, har da tafaddal ɗin. Gaba gaɗi ya faɗa, don ya san an taɓa ce masa daidai ne. Mudir ya shafa fuskarsa.

“To mai gadin ya ce ka shiga. Sai ka buɗe ɗakin kowa?”

Na ga lokacin da abin ya faɗo wa Khali, bakinsa ya ɗan buɗe. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa.

“Wa ya koya maka haka?” in ji mudir.

“Ni na fahimta haka da kaina,” in ji shi.

Na ce ba haka ba ne. Na ce ya faɗa mini wannan bayanin tun kafin ya fara, na ji kuskuren, na ce masa daidai ne, kuma ni na duba aikin na sa hannu. Mudir ya juyo gare ni.

“Ke kin sani kika yi shiru. Shi bai sani ba,” ya ce. “Amma ke ba zan iya rasa ki ba yanzu, ayyuka uku ne a hannunki. Kin ga inda kika sa ni?”

Ɗakin gwajin ya janye aikinsa daga hannunmu, su ma suna da tasu amsar da za su bayar a gaban hukuma da gaban mutanen da aka buɗe wa takardu. Ni aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka ce daga yau wani ne zai riƙa duba nawa aikin. Khali kuwa da wata ukunsa suka cika ba a sabunta ba.

Ran da zai tafi na raka shi har bakin titi. Zafi ake yi mai danƙo, rigarsa ta manne masa a baya. Na fara ba shi haƙuri ya ɗaga hannu.

“Ya binti, 'yata, ni koyo na zo yi. Da kin ce mini ba haka ba ne, da na ji kunyar minti ɗaya na ci gaba da cin shinkafata.”

Ya tare mota ya shiga. Yanzu yana zama a shagon wani abokinsa mai sayar da kayan gyaran mota, yana rubuta rasit. Muna gaisawa, yana zuwa gidanmu, bai taɓa gaya wa mahaifiyata abin da ya faru a ɗakin mudir ba. Har yau ita tana ganin tsufa ne ya sa suka ƙi shi.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa wurin matar. Na same ta da hantsi tana zaune a tsakar gida, tandar masar tana jingine da bango, busasshiya. Ta san ni, ta san mahaifiyata, ta shimfiɗa mini darduma. Na gaya mata ta hannuna abin ya fita. Na so in yi mata bayanin yadda ya faru, sai na ga ba shi da amfani a wurinta.

“Masu biki huɗu ne suka fasa a sati ɗaya,” ta ce. “Ba wadda ta ce mini don me. Sai dai a ce an samu wata.”

Na tambaye ta ko akwai abin da zan iya yi. Ta ce ɗanta ya samar mata ɗaki kusa da shi a wani gari, ƙarshen wata za ta tashi. Ta shiga ciki ta kawo mini shayi. Ta tsaya da kofin a hannu, ba ta miƙo ba.

“In ba za ki sha ba, ba komai. Na saba yanzu.”

Na karɓa na sha. Ta zauna muka yi maganar ciwon ƙafar mahaifiyata da tsadar shinkafa, har aka kira azahar, na yi mata sallama na fito neman mota.